Wane suna za mu ba “furosfe” da Hausa, musamman wanda ya ce yana da mai kawo masa kaya?

Mai kula da ƴan tallar filawa, Tawa

Assalamu alaikum. Ina aiki a wani gidan sarin filawa a nan Tawa, kuma an ɗora mini koya wa samari huɗu yadda za su riƙa zagaya gidajen burodi suna neman ciniki. Takardar koyarwar da Faransanci aka rubuta ta, ni kuwa da Hausa nake yi musu bayani, don haka kalmar “furosfe” ta tsaya mini a wuya. Ana nufin mutumin da bai taɓa sayen kayanmu ba, amma sana'arsa tana buƙatar irinsu kuma yana da ƙarfin saye. Da na ce musu “abokin ciniki”, sai na lura suna shiga wurin mutum kamar waɗanda suka zo karɓar haƙƙinsu, kuma da zarar ya ce, “Ina da mai kawo mini, ban kuwa ga laifinsa ba,” sai su rasa abin cewa, ko su hau kushe kayan wancan. Ina ganin rashin sunan da ya dace yana cikin abin da ke ɓata musu amsa. Ina neman shawarar masana harshe da ta ƴan kasuwa.

Ɗalibin jami'a, Yamai

Wa alaikumus salam. A ganina ba sai an ƙirƙiro komai ba, domin muna da “mai tayi”, wato wanda bai riga ya saya ba amma yana kan hanyar saye.

Malamin Hausa, Yamai

Ƙanena, ka kusa, amma ka juya al'amarin. Mai tayi shi ne wanda ya tako da ƙafarsa, ya ga kaya, ya sa musu kuɗi, mai kaya ya ce albarka ko ya sallama. Wannan da ake magana a kansa bai zo ba, bai taya ba, mu ne muka je masa, kuma ya riga ya faɗa mana cewa ba ya neman kowa. Ni kalmar da nake ji a bakin mutane ita ce “zawarci”, kamar yadda ake cewa ƙungiyar ƙwallo tana zawarcin ɗan wasa, ko jam'iyya tana zawarcin ɗan siyasa. “Wanda ake zawarci” yana ɗauke da haƙuri da yawan komawa da rashin tilas, kuma waɗannan ne ake so samarin su koya.

Dattijo a kasuwar Katako, Yamai

Malam, zawarcin nan ne bai kwanta mini ba. Bazawara ake zawarci, ba matar aure ba, mutumin nan kuwa ya ce yana da mai kawo masa kaya kuma suna zaman lafiya. Ba mu shiga cikin hanin da aka yi na yin ciniki a kan cinikin ɗan'uwa ba kuwa?

Malamin Hausa, Yamai

Alhaji, tambayarka tana kan hanya. Abin da na karanta a wurin malamanmu na Malikiyya shi ne, hanin yana hawa ne idan mai saye da mai sayarwa sun riga sun karkata ga juna a kan wani ciniki takamaimai, an tsai da kuɗi ko ana dab da sallamawa, sai wani ya zo ya ce a fasa zai ba da araha. Gabatar da kaya ga mutumin da zai sake sayen filawa a makon gobe wani abu ne dabam. Duk da haka na yarda kalmar tana da wannan wari, kuma idan yaro ya ɗauka aikinsa raba aure ne, zai yi abin da mai tambaya yake kuka da shi.

Hajiya mai sarin filawa da sukari, Yamai

Ni ba masaniyar harshe ba ce, amma na daɗe ina jin wannan amsa ta “ina da mai kawo mini”, kuma ina ganin kun tsaya ga sunan mutumin alhali sunan gurbin da ake nema a wurinsa ya fi muhimmanci. Wanda ya ce maka yana jin daɗin mai kawo masa kaya, mafi yawan lokaci gaskiya ya faɗa, kuma ba gurbin wancan za ka nema ba. Gurbi na biyu za ka nema, wanda Faransanci ke kira mai kawo kaya na agaji, ni kuwa a shagona “na ko-ta-kwana” muke cewa.

Bari in kawo yadda na yi da wani mai gidan burodi da ke kwaɓa buhu 10 na kilo 50 a kowace rana, wato buhu 300 a wata. Da ya ce mini yana da mai kawo masa, na ce, “Madalla, Alhaji, Allah ya bar ku tare, ban zo don ka rabu da shi ba.” Daga nan na yi masa tambaya ɗaya tak, na ce, “Ranar da motarsa ta yi latti, ina kake samun filawar daren?” Ban tambaye shi ko akwai abin da ba ya so game da mutumin ba, domin Bahaushe ba zai zauna ya kushe wanda suka shekara suna cin arziki tare a gaban baƙo ba, kuma idan ka matsa sai ya ƙara kare shi. Tambayar latti kuwa ba zargi ba ce, tun da mota tana iya lalacewa a hannun kowa. Ya yi shiru, sannan ya ce ya taɓa aikawa kasuwa a sayo masa ɗaiɗai da tsada don kada tanda ta kwana a kashe. Duk mun ga yadda abin ya kasance bayan rufe iyakar Benin a 2023, lokacin da kayan da aka saba ɗaukowa daga Kwatano ta Gaya suka koma zagayowa daga Lome ta Burkina Faso, wanda yake da hanya ɗaya ya fi kowa jin jiki.

Abin da na roƙa a wurinsa kaɗan ne: ya karɓi buhu 20, aikin kwana biyu, ya gwada, ya kuma ajiye lambata. Ban yi maganar ragi ba ko kaɗan, kuma ga dalili. Da na sauke masa sefa 500 a kowane buhu, zai ga jika 150 a wata, kuɗi ne mai kyau a ido. Amma da na bincika na gane wancan yana ba shi bashin kwana 15, ma'ana a kowane lokaci akwai filawar da ta kai buhu 150 da yake juyawa da ita bai biya ba tukuna. Wannan bashi shi ne igiyar da ta ɗaure su, kuma ragin sefa 500 ba ya tsinka ta. Abin da ragin yake yi kawai shi ne, mutumin ya ɗauki farashinka ya kai wa mai kawo masa, wancan ya sauko, kai ka tashi a tutar babu bayan ka yi wa wani aiki. Alamar da za ka gane haka tana da sauƙi: idan ya nemi ka rubuta masa farashi amma ya ƙi karɓar ko buhu biyu na gwaji, farashin yake so, ba kayan ba.

Mai gidan burodi, Tawa

Hajiya ta faɗi gaskiya, sai dai akwai abin da masu talla ba sa lissafawa a ɓangarenmu. Filawa ba ɗaya ba ce, wata tana shan ruwa fiye da wata, wata kwaɓinta yana tashi da wuri, kuma ma'aikatana sun saba da hannun wadda muke aiki da ita. Idan sabuwar ta ba ni burodi 10 ƙasa da na saba samu a buhu, a ƙiyasta kowane a kan sefa 150, na yi asarar sefa 1.500 a buhu ɗaya, wadda ta ninka ragin da aka yi mini sau uku. Saboda haka idan na ce ina jin daɗin mai kawo mini, wani lokaci abin da nake nufi shi ne ina tsoron canji. Yaron da ya ce mini in ware kwaɓi ɗaya in gwada buhu biyu, mu ƙirga burodin tare da safe, zan saurare shi. Buhu 20 na Hajiya sun yi mini yawa a karon farko. Game da suna kuma, ni dai kada a kira ni wanda ake zawarci, ko da a bayan idona ne.

Ɗalibin jami'a, Yamai

To, idan haka ne, me zai hana a ce “mai yiwuwar saye”? Ya fi kusa da ma'anar asali.

Malamin Hausa, Yamai

Ma'anar daidai ce, amma ba na jin akwai ɗan kasuwar da zai furta ta ba tare da takarda a hannunsa ba. Na janye zawarci a matsayin sunan mutum, tun da wanda abin ya shafa ya ƙi. Bisa bayanin Hajiya, ina ba da shawarar “abokin cinikin gobe”, domin yana gaya wa yaro cewa yau ba ranar ciniki ba ce, kuma ba a ɓata wa wanda za a koma wurinsa gobe rai. Shi kuwa wanda Faransanci ke kira “furniser”, a bar shi “mai kawo kaya”. A guji “dillali”, wanda shi tsakani yake shiga ya ci la'ada, kayan ba nasa ba ne.

Hajiya mai sarin filawa da sukari, Yamai

Malam, “gobe” ɗin nan ina tsoron kada ta sa samari su ɗauka kowa zai saya wata rana. Akwai wanda mai kawo masa kaya surukinsa ne, ko wanda ya ba shi jarin buɗe gidan burodin, irin wannan ka gaishe shi da mutunci, ka bar lamba, kada ka ɓata man fetur kana komawa kowane mako. Sauran ma ba komawar gobe-gobe ake yi ba. Nakan tambayi mutum yaushe aikinsa yake ƙaruwa, in nemi izinin leƙowa makonni biyu ko uku kafin lokacin, kamar gabanin azumi, lokacin da kowa yake son ya cika ma'ajiyarsa. Mutumin da na ba ku labarinsa bai kira ni ba sai bayan wata huɗu, kuma har yau kashi ɗaya cikin biyar na filawarsa kawai yake saye a wurina.

Mai kula da ƴan tallar filawa, Tawa

Na gode muku ƙwarai. “Mai kawo kaya na ko-ta-kwana” na ɗauke shi kai tsaye, kuma na rubuta wa samarin amsar kamar haka: “Allah ya bar ku tare, Alhaji. Ba gurbinsa muke nema ba, so muke mu zama na ko-ta-kwana. Ka gwada buhu biyu a kwaɓi ɗaya, mu ƙirga tare.” Sunan mutumin ne ban gama yanke shawara a kansa ba. Zan fara aiki da “abokin cinikin gobe” tare da gargaɗin Hajiya, amma ɗaya daga cikin samarin, ɗan Adar, ya ce a garinsu cewa kawai za a yi “wanda muke nema”. Malam, ko wannan ya yi faɗi da yawa?