To, Cc, Bcc da Masifar Reply All

Abin da na tsinta a hirarmu ta jiya kan imel, kusan kowa ya yarda cewa gurbin To na wanda kake so ya yi wani abu ne, Cc kuwa na wanda kawai kake so ya sani, ba sai ya amsa ba. In ka jera mutum biyar a To kowa sai ya ɗauka ɗayan ne zai yi, aikin ya kwana.

Bcc, gurbin da sauran masu karɓar saƙo ba sa ganin wanda aka saka a ciki, shi ne aka fi ja-in-ja a kai. In sanarwa ce ga mutum 60 da ba su san juna ba, zuba su a Bcc kada ka raba adireshin mutane. Amma saka oga a Bcc a ɓoye akwai hatsari, wata ta ce ta taɓa yi, ogan ya danna Reply All, amsarsa ta je wa duk na To da Cc, asiri ya tonu nan take. Gara ka tura, daga baya ka yi masa Forward.

Shi Reply All ɗin, in "na gode" ce ko "zan zo" ko lambar akawun ɗinka, mai saƙon kaɗai ya isa. Masu rubuta "a daina Reply All" ga kowa kuwa, su ma dai shi suke yi.