Ya ce yana Hamburg, amma gidan da ke bayansa lamba biyu gare shi

Baban Khalifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wani da aka haɗa ni da shi ya ce yana Hamburg ta Jamus, zai turo mini mota, yana neman kafin alƙalami. Ya turo hotonsa a ƙofar da ya ce ofishinsa ne. A bangon akwai ƙananan farantan ƙarfe biyu, ja mai lamba 1482, shuɗi mai lamba 17. Daga sama akwai allon sunan titi, ja da farin rubutu, kansa ya rufe rabi, amma ya ƙare da "ova". Hankalina bai kwanta ba. Wannan Jamus ce?

Ɗan Fagge: Wa alaikumus salam. Lamba biyu a gida ai ba abin tsoro ba ne, Alhaji. Ƙofar gidanmu lamba uku gare ta: ta masu ƙidaya, ta masu rigakafi da alli, da wadda mahaifinmu ya sa aka rubuta da fenti. Wataƙila su ma haka ne.

Hajiya Maman Ilham: Ni na ce Italiya ce. Da muka je Florence sarin jaka da takalma, mun sha wahala kafin mu gane cewa shaguna jar lamba gare su, gidajen kwana kuma baƙa ko shuɗiya. A titi ɗaya sai ka ga 20 guda biyu, kowace a wurinta. A takarda ma suna sa r bayan lambar shago.

Malam na Jami'a: Hajiya, abin da kika faɗa a kan Florence haka yake, amma can kowace ƙofa da tata lambar, kuma ja da baƙar duk suna tafiya a jere da titi, ba za ki ga 1482 manne da 17 ba. Sunan titi a can ma yakan fara da Via ko Piazza ko Borgo.

Alhaji, na yi shekara uku ina karatu a Jamhuriyar Cek, kuma abin da ka kwatanta shi nake gani kullum a Prague. Jar lambar ita suke kira číslo popisné. Lambar ginin ce a rajistar unguwa baki ɗaya, ba ruwanta da titi. Tun 1770, zamanin sarauniya Maria Theresa, aka fara ba gidaje irinta domin ƙidayar waɗanda za a ɗauka soja. Sabon gini yakan karɓi lambar da ta biyo baya a rajista, shi ya sa takan kai dubu da wani abu, kuma maƙwabcin 1482 yana iya zama 306. Da aka ga baƙo ba zai taɓa samun gida da wannan ba, sai aka ƙaro shuɗiyar, číslo orientační, wadda ke bin titi: 15, 17, 19 a hannu ɗaya, 16, 18, 20 a ɗaya hannun. Ɗan Fagge, bambancin da naku shi ne waɗannan duka biyun na hukuma ne, kuma tare ake rubuta su a adireshi, babbar a gaba: 1482/17.

Allon titi ja da farin rubutu shi ma na Prague ne. Na Hamburg shuɗi ne da farin rubutu, na Berlin fari da baƙi. Kuma titin Jamus yawanci da straße yake ƙarewa, ko weg, platz, allee. Wannan "ova" kuwa ƙarshen suna ne na titin da aka raɗa wa sunan wani mutum a yaren Cek.

Sai dai kada in yanke hukunci da launi kaɗai. Slovakiya ma lamba biyu take sa wa gida, tunda ƙasa ɗaya suke har ƙarshen 1992, kuma ko cikin Cek ɗin ba kowane gari ke bin launin Prague ba. Ka buɗa hoton sosai ka duba mini abu biyu. Na farko haruffan allon: in ka ga ř ko ě ko ů, Cek ce, in ka ga ľ ko ô, Slovakiya ce, in ka ga ł, Poland ce. Na biyu, ka duba gilashin ƙofa ko allon shagon da ke kusa, ko akwai adireshi a rubuce.

Baban Khalifa: Malam, Allah Ya saka da alheri. Na buɗa. Akwai r mai 'yar alama kamar v a kanta, daidai wadda ka fara rubutawa. A gilashin ƙofa kuma akwai takarda manne, ƙasanta na ga 130 00, sai wata lamba da ta fara da +420. Ƙananan rubutun da ke ƙarƙashin jar lambar ba sa karantuwa.

Malam na Jami'a: To magana ta fito. Lambar gidan waya ta Jamus biyar ce a haɗe ba tazara, ta Hamburg kuma da 20 ko 21 ko 22 take farawa. Uku, tazara, sannan biyu, tsarin Cek da Slovakiya ne, amma na Slovakiya da 0 ko 8 ko 9 suke farawa. Wadda ta fara da 1 ta Prague ce, 130 00 kuwa ta gunduma ta uku ce, wajen Žižkov. +420 lambar wayar Cek ce, ta Jamus +49. Ƙananan rubutun nan da ka kasa karantawa sunan unguwa ne da gunduma, haka suke bugawa a jan farantin. An ɗauki hoton nan a Prague, ba ni da shakka.

Direban Tirela: Ni duk wannan bincike ban ga amfaninsa ba. Kada ka ba kowa kwabo sai ka ga takardar lodin jirgi da lambar jikin mota. Na ga wanda ya yi asarar kuɗin gona ta haka, kuma nasa dillalin da gaske yana Jamus ɗin.

Hajiya Maman Ilham: Na karɓi gyara, Malam. Amma a yi wa bawan Allah adalci. Daga Prague zuwa Dresden ta Jamus tafiyar kamar awa biyu ce a mota, kuma duk cikin Shengen ne, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya. Masu harkar mota kullum suna tsallakawa neman mai sauƙi. Ba mamaki can ya je sari ya ɗauki hoto.

Malam na Jami'a: Haka ne Hajiya, hoto wurin da aka ɗauke shi kawai yake nunawa, ba ya faɗin inda mutum yake kwana, ba ya ma tabbatar da cewa shi ne a ciki. Abin da ya tsaya mini shi ne ya ce ƙofar ofishinsa ce a Hamburg. Alhaji, kada ka gaya masa abin da muka gano. Ka ce ya rubuto maka cikakken adireshin ofishin. Na Jamus sunan titi ne, sai lamba ɗaya a bayansa, sannan lamba biyar da sunan gari. Ka sa shi a Google Maps ka ga ko titin yana nan. Daga nan ka kira shi ta bidiyo, ka ce ya fita waje ya nuna maka allon titi da lambar gidan a lokacin. Mai ofishi ba zai ɗauki minti biyu ba.

Baban Khalifa: Na tambaye shi adireshin ɗazu. Ya ce yana tuƙi, zai turo in ya tsaya. Kiran bidiyon kuma ya ce sai gobe da safe. Kuɗin dai suna hannuna, zan dawo in gaya muku yadda muka yi.

Hajiya Maman Ilham: In ya nuna allon, ka ɗauki hoton fuskar wayar ka turo wa Malam ya gani kafin ka ce masa komai.