Ina neman taimako kan fassarar "ẹ kú" ta Yarabanci

Jama'a, ina haɗa jadawalin gaisuwar Yarabanci da Hausa da Turanci don 'yan uwanmu sababbin zuwa Sabo a Ibadan, amma na cije a wuri biyu.

Na lokaci ba su ba ni wahala a Hausa ba: "ẹ káàárọ̀" barka da safiya, "ẹ káàsán" barka da rana, "ẹ kúùrọ̀lẹ́", daga wajen ƙarfe 4 zuwa magariba, barka da yamma, sai "ẹ káalẹ́" barka da dare. Turanci ne ya ƙi. Biyun ƙarshe duk "good evening" suke komawa, don "good night" sallama ce, ita ce "ó dàárọ̀", wato sai da safe. Yaya zan raba su?

Na biyun ya fi ɗaure mini kai. "Ẹ kú ilé" wanda ya dawo ne yake faɗa wa mutanen gida, su amsa da "ẹ káàbọ̀", sannu da zuwa. Na sa "sannu da gida", wani dattijo ya ce a garinsu "mun same ku lafiya?" ake cewa. Wanne ya fi dacewa? A Turanci kuwa layin babu komai har yanzu.