Fiye da rabin masu kallona na gudu kafin daƙiƙa 30: ku ya kuke buɗe bidiyonku?

Sani Mai Waya:
Salamu alaikum jama'a. Gyaran waya nake yi a Farm Centre, Kano, kuma kusan shekara guda ke nan ina ɗora bidiyon gyara a YouTube. Jiya ƙanena ya buɗe mini YouTube Studio, ya shiga wajen da ke nuna inda mutane ke barin kallo. Bidiyon da na fi wahala a kansa, na wayar da ta ƙi caji, a daƙiƙa ta 30 mutum 41 cikin ɗari ne kawai suka rage. Gyaran kuwa sai a minti na biyu yake farawa, wato yawancinsu ko tsinken da nake gyaran da shi ba su ga na ɗauka ba. Masu yin bidiyo, me kuke faɗa a farko?

Malam Habu Edita:
Wa alaikumus salam. Kafin kowa ya ba ka shawara, rubuto mana abin da ka faɗa a wannan rabin mintin, kalma da kalma. Da taken bidiyon.

Sani Mai Waya:
Taken shi ne "Yadda za ka gyara wayar da ta daina caji". Da farko tambarin shagona yana juyawa da kiɗa, daƙiƙa 8. Sai na ce: "Assalamu alaikum warahmatullahi wabarakatuhu, 'yan uwa masu kallo barkanmu da sake saduwa a wannan tasha mai albarka. Da fatan kuna lafiya, ya gida ya iyali, ya aka ji da zafi. Kafin mu shiga darasinmu na yau, wanda bai danna Subscribe ba ya daure ya danna, ya kuma danna ƙararrawa." Nan ta talatin ta cika.

Malam Habu Edita:
To ga shi nan, Malam Sani. Mutumin da ya danna bidiyonka wayarsa ce ke hannunsa, caji ya kusa ƙarewa, wataƙila ma da wayar matarsa yake kallo. Rabin minti ya wuce bai ji kalmar caji ba ko sau ɗaya. Zai ɗauka ya yi ɓatan kai ne, ya koma ya danna na ƙasa.

Ni ina haɗa wa mutane bidiyo, kuma kafin a kunna kyamara nakan sa su rubuta buɗewar a takarda su karanta da agogo. Da saurin maganata, daƙiƙa 30 ba ta ɗaukar fiye da kalma 70. Taka gaisuwar ta cinye wajen 50, tambari ya cinye sauran. A cikin kalma 70 ɗin nan nake so mutum ya ga matsalarsa da idonsa, ya ji abin da zai samu, ya kuma ga an kama aiki. Da ni ne, ga abin da zan faɗa, kyamara na kan wayar, ba kan fuskata ba:

"Salamu alaikum. Wannan wayar kwana uku ba ta caji, mai ita har ya sayi caja biyu. Ku duba, na soka, shiru. Da tsinken sakace zan gyara ta a gabanku, ba tare da na buɗe ta ba. Sannan zan nuna muku alamar da za ku gane ko taku irin wannan matsalar ce, ko kuwa sai an kai ta shago. Mu fara. Kashe wayar tukuna."

Lura da jimlar "ko kuwa sai an kai ta shago". Ita ce ta sa alkawarin ya zama na gaskiya, don ba kowace waya tsinke ke tayarwa ba, kai ka fi ni sani.

Sani Mai Waya:
Haka ne. Idan datti da zaren aljihu ne suka cushe ramin, kan caja ba ya shiga har ƙarshe, yana lilo, da ka taɓa sai ya fito. Wannan tsinken itace na maganinsa, a hankali, ba allura ba don ƙarfe na iya lalata haƙoran ciki. Amma idan caja ta shiga ta zauna daram kuma shiru, to ramin ne ya mutu ko matsalar na kan allon injin wayar, sai an buɗe. A tsohon bidiyon sai a ƙarshe na yi wannan bayanin, inda ba kowa.

Ɗan Zinder:
Ni ban yarda a faɗi tsinke tun farko ba. Ka ba su amsa, me za su tsaya kallo? Ni labaran ban mamaki nake yi, kuma kullum cewa nake "abin da ya faru a ƙarshe zai girgiza ku, ku tsaya har ƙarshe". Da na fara haka mutane sun ƙara daɗewa sosai.

Maman Khalifa:
Ɗan Zinder, naka labari ne, a labari kam ba a faɗin wanda ya mutu tun farko. Amma na gwada dabararka a girki ta ci ni. Na yi bidiyon masa, na ce akwai wani sirri da ke sa ta tashi, sai a ƙarshe zan faɗa. Sirrin kuwa bai wuce a dafa kaɗan daga cikin shinkafar a haɗa da jiƙaƙƙiyar kafin a kai niƙa ba, sai a bar ƙullun ya kwana. Mata suka yi ta ja da yatsa zuwa ƙarshe, a layin nan na Studio ana ganin rami a tsakiya sai tudu a minti na bakwai. Wata ta rubuto mini, "Haba Maman Khalifa, wannan ai kakata ma ta sani." Kunya ta ishe ni.

Yanzu da masar nake buɗewa. Na ɗauko ɗaya daga tanda, na raba ta biyu a gaban kyamara, a ga ramukan ciki da tururi. Sai na ce wadda tata ke fitowa a cushe kamar dutse, yau za ta ga wurare biyu da ake kuskure, na farko tun wajen jiƙa shinkafa. Ban ɓoye komai ba, kuma suna zama, don ganin masa ba ya koya wa mutum yin ta.

Malam Habu Edita:
Hajiya ta gama magana. Ɗan Zinder na da rabin gaskiya: dole a bar wa mai kallo tambayar da ba a amsa ba tukuna. Amma a bidiyon koyarwa tambayar ita ce "ta yaya?". Jin sunan tsinke ba ya gyara waya. Mutum na so ya ga yadda ake riƙe shi, inda ake kankara, da abin da zai fito. "Zai girgiza ku" kuwa bashi ne ka ci, kuma ba ka faɗi nawa ba. Kowa zai ƙiyasta nasa, yawanci fiye da abin da ke aljihunka.

Ɗan Zinder:
To ni dai lambobina ba su faɗi ba. Sai dai gaskiya masu zagi sun ƙaru a ƙasan bidiyo, wannan ban musa ba.

Abba Kamara:
Ina ganin matsalar kyamara ce. Da wace waya kake ɗauka? In hoto bai fita tas ba ba mai tsayawa. Akwai fitilar zobe mai araha da nake amfani da ita, in kana so in turo maka hotonta.

Sani Mai Waya:
Na gode Abba, hoton ba laifi, fitila biyu gare ni a kan teburin aiki. Maganar baki ce ta kashe ni.

Baban Sadiq:
Ku yi haƙuri, ni dattijo ne a cikinku, bayanin noman rani nake yi. Abin da ban ji daɗinsa ba shi ne yadda ake neman mayar da gaisuwa kamar ɓata lokaci. Na taɓa bin shawarar wani yaro na faɗa magana kai tsaye a kan tsutsar tumatir, ko sallama babu. Sai ga manoma suna rubuto mini, "Baba lafiya? Ko an ɓata maka rai ne?" Ɗaya ma cewa ya yi wanda bai yi sallama ba ba a amsa masa. Mutanena sun san ni, gaisuwar na cikin abin da suke zuwa nema.

Malam Habu Edita:
Allah ya ƙara girma, Baba. Ban ce a yar da sallama ba, a rubutun da na yi wa Sani ma da ita na fara, daƙiƙa ɗaya ce. Bambancin yana ga masu zuwa. Naku mutanen sun saba da ku, don ku suke dannawa. Na Sani baƙi ne da suka rubuta matsalarsu a wajen bincike, ba su san shi ba. A Studio akwai inda ake ganin ta ina masu kallo suka shigo, kowa ya duba nasa kafin ya yanke tsawon gaisuwarsa. Abin da nakan yi wa wasu, a yi gajeriyar sallama, a nuna matsala da alkawari, sai bayan nan a ce barkanmu da warhaka, sunana wane.

Baban Sadiq:
Gaisuwa bayan an fara magana? Hmm. A kunnena dai kamar mutum ya shigo zaure ya zauna sannan ya tuna bai cire takalmi ba. Amma zan duba wajen da ka ce.

Maman Khalifa:
Wani abu kuma, Malam Sani, in kana sakawa a Facebook. Da yawa bidiyo na fara tafiya ba sauti yayin da mutum ke wucewa, ni kaina haka nake kallo in yara na barci. Duk daɗin kalmominka ba a ji. Shi ya sa nake rubuta gajeren layi a kan hoton farko, kalma biyar ko shida, kamar "Me ya sa masarki ke cushewa?" Kai ma hoton caja a soke da allo baƙi ƙirin ya isa ya yi magana.

Sani Mai Waya:
Na dawo bayan kwana tara. Ban sake ɗaukar tsohon ba, na shiga Editor na Studio na yanke tambarin da dogon surutun da Trim & cut, bidiyon na nan da adireshinsa da masu kallonsa. Sai dai yankan ya fito da ɗan tsalle, na bayyana ina tsakiyar magana.

Sabon da na yi kuwa na wayar da ta faɗa ruwa ne, da tsarin Malam Habu. A daƙiƙa ta 30 ya nuna 68 cikin ɗari. Amma ga wani rami a minti ɗaya da rabi. Da na kalli wurin, ashe nan na tsaya ina ba da labarin yadda mai wayar ya zo shago da abin da ya ce, alhali na yi alkawarin nuna abin da za a yi a minti goman farko bayan an tsamo ta. Kusan daƙiƙa 40 na yi hannuna bai taɓa wayar ba.

Malam Habu Edita:
Labarin mai wayar ka mayar da shi jimla ɗaya, ka faɗe ta hannunka na cire tiren layi. Masu kallo nawa ne a sabon? In ba su kai 'yan ɗaruruwa ba kada ka yi saurin murna da 68 ɗin, yawancinsu naka ne na gida da za su kalla ko me ka saka. Bari baƙi su shigo tukuna, ka turo mana hoton layin nan da mako biyu.

Ɗan Zinder:
Sani, wayar da ta faɗa ruwan, shinkafa kuka sa ta a ciki ko me? Tawa na cikin buhu tun jiya.