Neman kalma: layin kowane aji da nasa mazauni

Mai Fassara: Assalamu alaikum, malamaina. Ranar Alhamis zan miƙa fassarar darasi ga malaman makaranta, kan yadda ake nazarin makin ɗalibai idan suna cikin azuzuwa, azuzuwan kuma cikin makarantu. Abu uku sun tsaya mini: sunan hanyar kanta, wato rigireshan, lissafin da ke hasashen wani maki daga wani, irin wanda ke da matakai, da kalmar zaman wani cikin wani, sai kuma wanda ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, abin da manhaja ke nunawa a matsayin `(Intercept)` ƙarƙashin `Random effects`. Na rubuta "mahaɗar bazata", na karanta da ƙarfi, ni kaina ban gane ba.

Ɗalibar Digiri: Wa'alaikumus salam, Yaya. Na farko ki ce "mai hawa-hawa", kamar bene: ɗalibi hawa na ɗaya, aji na biyu, makaranta na uku. Na ukun kuwa ai matsakaicin makin aji ne kawai. Ki ce "matsakaicin aji" ki huta.

Tsohon Hedimasta: Ni dai abin da na sani, a shekarun da na yi ina shugabantar makaranta, duk ƙarshen zango mukan jera azuzuwa daga na ɗaya zuwa na ƙarshe. Akwai wani ƙaramin aji mai yara biyar, bana ya zo na ɗaya, baɗi ya koma na kusa da ƙarshe, malami ɗaya, littafi ɗaya. Har yau abin yana damuna, don na taɓa yi wa malamin faɗa a kai. In jerin gwanaye ake nufi, ki ce "matsayin aji".

Malamin Ƙididdiga: Malama, "hawa-hawa" ta yi, ki riƙe ta. Ga zaman wani cikin wani, "ƙunshe" ta wadatar: aji ya ƙunshi ɗalibai, makaranta ta ƙunshi azuzuwa. Amma kafin a raɗa wa na uku suna, a dubi fuskar jaririn.

Ki zana makin jarrabawar farkon shekara a kwance, na ƙarshen shekara a tsaye. Hanyar da aka saba tana ja wa dukan yara layi ɗaya. Wannan kuwa tana ba kowane aji layinsa. Duk layukan karkatarsu ɗaya, ba sa haɗuwa, sai dai na wani aji ya zauna sama kaɗan, na wani ƙasa kaɗan. Yara biyu da suka fara da maki ɗaya, ana sa ran na ajin sama ya gama da maki fiye da na ajin ƙasa. Wannan tsayin da layi ya zauna a kai shi ne abin da kike nema wa suna.

Saboda haka, ƙanwata Ɗaliba, rabin maganarki daidai ne. Idan babu komai a lissafin sai aji, ya yi kusa da matsakaicin aji. Da an shigar da jarrabawar farko, ya zama makin da ake sa ran yaron da ya ci sifiri a farko zai samu, ko yaro mai matsakaicin maki idan an fara cire matsakaici daga makin kowa. Ajin da aka tara haziƙai tun farko zai iya samun matsakaici babba, layinsa kuma yana ƙasa.

Ɗalibar Digiri: Na karɓa, Malam. To "mafarin layi"?

Mai Fassara: Na gwada ta da wata malama jiya, ta ɗauka makin farkon zango ake nufi. Tunda akwai jarrabawar farko a cikin darasin, rikici zai yi yawa.

Dattijon Harshe: Ni tun daga "rigireshan" na tsaya. Wannan wace irin Hausa ce? An ɗauko Turanci an sa masa hula. Harshen da aka yi wa ƙamus tun ƙarni na 19 ba zai rasa kalma ba. Shawarata "mazaunin ƙuri'a". Mazauni shi ne inda layi ya zauna, kamar yadda Malam ya faɗa da bakinsa. Ƙuri'a kuwa da ita Bahaushe ya san abin da ba hannun kowa a ciki. Na daɗe ina amfani da ita a rubuce-rubucena, ba wanda ya taɓa kawo ƙara.

Tsohon Hedimasta: Allah ya gafarta Malam, da na karanta "mazaunin ƙuri'a" rumfar zaɓe ce ta faɗo mini a rai.

Dattijon Harshe: Laifin siyasa ne da ta cinye kalmar, ba laifin kalmar ba. Idan kullum muka bar wa 'yan siyasa da 'yan boko kalmominmu, me zai rage?

Ɗalibar Digiri: Baba, da girmanka, "maki" da muke ta faɗa tun ɗazu daga Turanci take. "Lissafi" da "darasi" daga Larabci. Me ya sa aron jiya ya zama ɗan gida, na yau ya zama baƙo? Kuma ɗalibin da ya koyi kalmar da ba ta kama da abin da zai gani a allon kwamfuta, ranar da ya buɗe manhaja zai ɓata.

Dattijon Harshe: Aron Larabci ya shekara ɗaruruwa a bakinmu, 'yata. Ya ci gishirinmu. Ke kuma kina so a ce mai Hausa ba zai yi ilimi ba sai ya lanƙwasa harshe.

Ɗalibar Digiri: Ban faɗi haka ba, Baba.

Mai Fassara: Don Allah a yi haƙuri, Alhamis tana matsowa. Malam, ni "bazata" ɗin ce ban fahimta ba. Ajin nan yana da malami, yana da dalilin da ya sa ya fi wani. Ina bazata a nan?

Malamin Ƙididdiga: Babu, shi ya sa kalmar ba ta dace ba. "Barkatai" ma haka. Ba a cewa tazarar aji ba ta da dalili. Abin da ake cewa shi ne, azuzuwan da ke hannunmu ɗiba ce daga tarin azuzuwa, kuma tazararsu daga layin gama-gari tana bin tsari ɗaya: yawanci kusa da sifiri, kaɗan can sama, kaɗan can ƙasa. Babban abin da ake ƙiyastawa shi ne faɗin wannan warwatsuwa, lamba ɗaya tak ga hawan aji, ɗaya ga hawan makaranta. A nan "ƙuri'a" ta Dattijo ta fi "bazata" kusa da ma'ana, gaskiya ce.

Ga misali da lambobin da na shirya don darasi. Azuzuwa 40, kowanne a makaranta daban don sauƙi, kowanne da yara 30, jimla 1200. A ce warwatsuwar maki kashi 100 ce: 20 tsakanin azuzuwa, 80 tsakanin yaran cikin aji. Kamanceceniyar 'yan aji ɗaya ta zama 0.2 ke nan. Yanzu muna so mu gwada salon koyarwa biyu, wanda kowane aji ke bin ɗaya. Hanyar layi ɗaya tana ɗauka muna da shaidu 1200 da ba su san juna ba. Alhali 'yan aji ɗaya malaminsu ɗaya, wani sashe na labarinsu maimaici ne. Ana auna asarar haka:

```
1 + (30 - 1) * 0.2 = 6.8
1200 / 6.8 = 176
```

Wato shaidunmu na gaskiya kamar 176 ne. Lambar da ke ƙarƙashin `Std. Error`, wadda ke nuna girman kuskuren da ƙiyasi zai iya yi, za ta fito ƙarama da kusan ninki 2.6 in an yi watsi da aji, sai mutum ya yi shelar cewa salo kaza ya fi, alhali shaida ba ta kai ba. Ya taɓa faruwa a Ingila: binciken Neville Bennett na 1976 ya nuna salon koyarwa na gargajiya ya fi, da Aitkin da abokansa suka sake lissafin a 1981 suna la'akari da cewa yaran a azuzuwa suke, sai bambancin ya kasa tsayawa da ƙafarsa.

Ranka ya daɗe Hedimasta, ajinka mai yara biyar yana cikin wannan magana. Yara biyar shaida ce mai rauni, yaro ɗaya ya yi rashin lafiya ranar jarrabawa, aji duka ya faɗi. Wannan hanya tana jan ƙiyasin kowane aji zuwa tsakiya gwargwadon ƙarancin yaransa. Da lambobin nan, aji mai yara 5 da ya haura tsakiya da maki 10, za a ba shi 20/(20 + 80/5) na goman, kusan 5.6. Mai yara 30 zai samu kusan 8.8. Wannan jan yana yiwuwa ne saboda an ɗauki azuzuwan 'yan dangi ɗaya. In aka ba kowane aji lambarsa shi kaɗai ba ruwansa da saura, ba a samunsa. To wannan ne bambancin da kalmar nan ta `Random` ke ɗauke da shi, kuma ba na so ya faɗi a fassara.

Tsohon Hedimasta: Ashe malamin nan ba shi da laifi. Allah ya yafe mini. To yanzu da wannan lissafi sai a jera malamai daidai ke nan?

Malamin Ƙididdiga: Da taka-tsantsan. Mazaunin aji yana kwashe duk abin da ba a auna ba: malami, halin gidajen yara, yadda aka raba su azuzuwa. Ba makin malami ba ne.

Malama, ki duba abu ɗaya a darasin. A manhajar R, da `lme4`, ana rubuta ƙunshin haka:

```
lmer(karshe ~ farko + (1 | makaranta/aji), data = d)
```

Idan aka rubuta `(1 | makaranta) + (1 | aji)` alhali kowace makaranta tana da aji A da B, manhaja za ta ɗauka duk ajin A na duniya aji ɗaya ne. Alamar tana layin `Number of obs`: kina da azuzuwa arba'in, ta ce miki biyu.

Mai Fassara: Na gode, zan sa wannan a gefen shafi. Ga abin da na tsayar: "rigireshan mai hawa-hawa", "ƙunshe", da "mazaunin layi". Idan ya zo tare da kalmar `Random` kuwa, zan rubuta "mazauni mai bambanta daga aji zuwa aji", sannan jimla ɗaya kan cewa azuzuwan ɗiba ce.

Malamin Ƙididdiga: "Mai bambanta" ba ta raba shi da hanyar da ke ba kowane aji lambarsa shi kaɗai, can ma yana bambanta. Amma ba ni da wadda ta fi ta a yau. Kada dai jimlar ɗibar ta ɓace wajen gyara.

Dattijon Harshe: An ɗauki mazaunina an yar da ƙuri'ata, an kuma bar rigireshan a kan take. Ban yarda ba, amma ba ni zan miƙa aiki ranar Alhamis ba. Ko "awon dangantaka" ba ta fi ba?

Ɗalibar Digiri: Baba, wannan sai ta shige wa kalmar kamanceceniya, ita ma dangantaka take aunawa.

Mai Fassara: Zan bar take yadda yake, in sa "ƙuri'a" a bayanin ƙasan shafi da sunan shawara. In malaman suka fi kama ta ranar darasi, zan dawo in faɗa, Baba.