Takardar mamografi ta fito da ACR 0 da harafin D, sifili lafiya ke nan?

Maman Nafisa: Assalamu alaikum ƴan uwa. Shekaruna 44, ina unguwar Zariya. Na yi mamografi, wato hoton nono, kuma sai da na sha jira don ranar farko an ce na'ura ta lalace, ta biyu kuma mai gida bai nan, ga hidimar bikin ɗiyata ta taso. Takarda ta fito da lambobin sakamako: nonon dama ACR 2, na hagu ACR 0, sai kuma harafin D. An rubuta in yi ekografi. Mai gida ya ce sifili ai babu kome ke nan, kar a ɓata kuɗi. Ni kuma barci ya gagare ni. Mi zan yi?

Hajiya Indo: Wa alaikumus salam. Ƙanwata kwantar da hankalinki. Lambobin nan hawa suke kamar matakala, 5 ita ce mugunya, 1 lafiya lau. Ke da kike ƙasa da 1 ai sai godiya. Biyun nan ta dama ita za ki sa wa ido.

Malama Rakiya (ma'aikaciyar ɗakin hoto): Hajiya, daga 1 zuwa 5 kin yi daidai, amma sifili ba ya cikin matakalar. ACR 0 ma'anarsa likita ya duba hoton bai iya yanke hukunci ba, yana son ƙarin bincike kafin ya ba da lamba. Bayan binciken, sifilin nan zai iya komawa 1 ko 2, zai iya komawa 4.

Biyun da ke dama kuwa ita ce ba ta da damuwa. ACR 1 ba a ga kome ba. ACR 2 an ga wani abu amma an san shi sarai ba kansa ba ne, kamar ƙullin ruwa ko tsohon ƙulli da ya daskare. ACR 3 kusan tabbas ba mugu ba ne, haɗarin bai wuce 2 cikin 100 ba, shi ya sa ake cewa a dawo bayan wata 6, a ci gaba da bibiya har shekara 2. Daga ACR 4 ne ake cewa akwai zato, sai a ɗauki ɗan nama a auna. Ita 4 ɗin faɗi gare ta, daga sama da 2 cikin 100 har kusan 95, kuma da yawa cikin masu ita sakamakonsu lafiya yake fitowa. ACR 5 kuma zaton ya kai 95 cikin 100 ko fiye.

Maman Nafisa, abin da ba ki faɗa mana ba: mi ya kai ki yin hoton? Kin ji ƙulli da hannunki ne?

Maman Nafisa: Akwai ɗan abu a hagu wajen hammata, kamar ƙwayar gujiya, tun kafin azumi. Amma ba ya ciwo ko kaɗan, shi ya sa ban ambata ba. Kuma ni nonona ba mai tauri ba ne, bayan goyo shida, to ina D ɗin ta fito?

Malama Rakiya: To wannan ya canza maganar gaba ɗaya. Rashin ciwo ba shaidar lafiya ba ne, kansar mama a farkonta galibi ba ta ciwo.

Harafin kuma ba da hannu ake gane shi ba, a hoto kawai yake fitowa. Nono kitse ne da kuma naman da ke yin ruwan nono da jijiyoyin da ke riƙe shi. A hoton mamografi kitse baƙi-baƙi yake fita, naman kuma fari. Matsalar ita ce ƙulli ma fari yake fita. A nau'in A, kusan duk kitse ne, ɗan ƙaramin ƙulli ma zai fito fili. B naman warwatse yake nan da can. C ya yi yawa har yana iya rufe ƙananan abubuwa. D kuwa hoton kusan fari fat ne, kamar neman farin zare a kan farin ƙyalle. A nono mai kitse mamografi na kama kusan tara cikin goma na kansar da ke akwai, a nau'in D kuwa abin yana sauka wajen shida cikin goma, wani lokaci ƙasa da haka. Kaurin naman nan ba cuta ba ne, kusan rabin matan da suka haura arba'in C ne ko D, kodayake yana ɗan ƙara haɗarin kansa. Ke dai ga ƙulli da hannu ya ji, ga hoton da ba ya gani da kyau a irin nononki. Ekografi shi ne zai leƙa daidai wurin, ya bambance ƙullin ruwa da na nama, ya nuna ko gefensa sumul ne ko yana da ƙafafu.

Zinariya: Ni dai an taɓa rubuta mini 3 na yi sati ina kuka, ashe ba ACR ba ce, lambar kaurin nama ce. Ba wanda ya zaunar da ni ya yi mini bayani, an miƙo takarda da faransanci an ce ta gaba ta shigo.

Malama Rakiya: Haka ne, da can da lamba 1 zuwa 4 ake rubuta kaurin, a 2013 aka mai da shi harafi don gudun wannan ruɗanin. Wasu har yau ba su bar tsohon salon ba.

Hajiya Indo: Eko ɗin ban ƙi ba. Amma idan suka ce allura, kar ki yarda. Ƙarfe na taɓa abin nan shi ke nan ya tashi. Mun gani da idonmu.

Maman Walid (ungozoma): Hajiya don Allah a bar faɗin haka. Waɗanda kika gani, ciwon ya riga ya yi nisa kafin su zo. Biyopsi, wato ɗaukar ɗan naman, ana kashe wurin da allurar kashe zafi, a bi da eko a ɗauko ƴan silin nama uku ko huɗu, a manna filasta, ki koma gida ranar. Ba tare da shi ba babu likitan da zai iya cewa kansa ce ko ba ita ba.

Maman Nafisa, ranar eko ki tafi da hotunan mamografin kansu, ba takardar kaɗai ba. Ki kama hannun mai aunawa ki ɗora daidai kan ƙullin, ki ce ya duba hammata ma. Kar ki fito sai an rubuta miki lambar ACR ta ƙarshe da girman ƙullin a milimita. Ko an ce ba a ga kome ba, in dai hannunki na jin shi, ki koma wa likitan mata ya taɓa da kansa.

Ummi: To in eko ya fi gani, mi ya sa ba a fara da shi a huta?

Malama Rakiya: Akwai abin da ba ya kamawa da kyau. Wasu ƴan ɗigon farar ƙasa ƙanana ƙwarai, da kan zama alamar farko ta kansa tun ba a ji ƙulli ba, mamografi ne ke nuna su, ko da a nau'in D.

Maman Nafisa: Na gode duka. Amma ku fahimce ni, saura sati biyar biki, kayan ɗaki ma ba su kammala ba. Abin nan tun kafin azumi yake, bai ƙaru ba a ganina. In aka gaya mini mugun labari yanzu wa zai tsaya wa yarinyar? Bayan biki zan je in sha Allahu.

Maman Walid: Yatsa ba ya gane ƙarin milimita biyu ko uku, ƴar uwa. Eko bai wuce minti ashirin ba, kuma ya fi mamografi sauƙin kuɗi. Ki nuna wa mai gida bayanin sifilin nan yau da dare.

Hajiya Indo: Ku bar ta ta yi bikinta cikin natsuwa, sati biyar ai kamar gobe ne.

Malama Rakiya: Maman Nafisa, wace rana aka rubuta a saman takardar taki? Kuma akwai mai kansar mama a danginku, ta wajen uwa ko ta wajen uba?