Mai kula da sharhi a shirin kai tsaye: ɗan agaji, dogari ko modareta?

Malama Hajjo: Assalamu alaikum. Ana rubuta takardar rabon aiki ta masu watsa tafsirin azumi a YouTube. "Shirin kai tsaye" kam rediyo ta daɗe da ba mu shi. Wanda ya rage shi ne mutumin da ke tsaye kan sharhin masu kallo, wanda ake kira modareta. Me za mu ce masa?

Ɗan Borno: Ai mai gabatarwa ne, Malama. Shi ke buɗe taro, ya karanta tambayoyi.

Baban Sadiya: Wa alaikumus salam. A'a ƙanena, wancan yana gaban kyamara, wannan kuwa ba a ganinsa. A YouTube mataki biyu ne. Na ƙasa yana goge saƙo, ya dakatar da mutum na wani lokaci, ko ya ɓoye shi daga tashar. Na sama, Managing moderator, yana da ikon saka kalmomi a Blocked words da kunna Slow mode, yadda kowa sai ya jira, a ce sakan 30, kafin ya sake rubutu. Rabin aikin tun kafin a fara ake yinsa: a toshe zagi da irin rubutun 'yan damfara masu cewa a turo sadaka ta wata lamba, a rubuta ƙa'idojin zaure a maƙala su a sama. Ni ɗan agaji nake gani, don shi ma yakan riga jama'a isa wurin tafsiri.

Kaka Mai Waya: Dogari ya fi. Ɗan agaji lallashi yake yi, wannan kuwa kora yake.

Baban Sadiya: Korar ita ce ƙaramin ɓangare, Kaka. Babban aikin tattara tambayoyi ne, kuma akwai tarko a ciki. Abin da malam ya faɗa ba ya isa ga mai kallo nan take. A Normal latency jinkirin kan kai sakan ashirin ko fiye. Sai malam ya ce a yi tambaya, a ga shiru, a wuce, sannan tambayoyi su yi ta zubowa. Wanda ya san aiki yakan kwafe su gefe tun ana karatu, ya cire masu maimaita juna, ya miƙa biyar a takarda idan lokaci ya yi. Dogari ba ya wannan.

Ummu Khalil: Tunda masana sun hallara: namu shirin yankewa yake yi duk bayan 'yan mintuna, ga datar ba ta kai mu ƙarshe. Laifin modareta ne?

Injiniya Tanko: Ba ruwansa, Hajiya. Ku duba Dropped frames a ƙasan OBS, manhajar watsa shirin. Idan lambar tana hawa, kun ɗora wa layinku abin da ba zai iya turawa ba. Ku gwada gudun turawa a wurin da za a yi shirin, a irin lokacin, don bayan la'asar layi kan cunkushe. Idan ya nuna 5 Mbps, ku tsaya a 720p da 2500 kbps. Wannan zai ci kusan 1.2 GB a awa idan an haɗa da sauti, wato karatun awa biyu na son kusan 2.4 GB. Kuma ku danna Start Recording tare da Start Streaming, a ajiye bidiyon a tsarin mkv. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiya, mp4 na gargajiya kan lalace gaba ɗaya, mkv kuwa abin da aka ɗauka yana nan, daga baya a mayar da shi mp4 ta Remux Recordings.

Malama Hajjo: Injiniya ya tono wata. Bidiyon da ake sakawa daga baya fa? Maimaici?

Injiniya Tanko: Idan an bar shi yadda yake, maimaici ne. Amma wanda aka yanke minti goman farko na jiran jama'a da gwajin makirufo, aka raba shi babi-babi, ya zama wani abu. Ni "tacaccen shiri" zan ce. Ku sani fa, in kun datse shi a YouTube Studio, sharhin da aka yi kai tsaye ba zai sake fitowa ba. Babin kuma sai na farko ya fara da 00:00, su kai uku, kowanne aƙalla sakan 10, in ba haka ba ba za su bayyana ba. Nan ma ɗan agajin naku ke da amfani: ya riƙa rubuta mintin da aka shiga kowace aya da kowace tambaya, mai tacewa ya huta da sake kallon awa biyu.

Kaka Mai Waya: To wanda ke shirin wasan ƙwallo ko tallan atamfa shi ma ɗan agaji zai ce? Za a ɗauka kakin ƙungiya ya sa.

Malama Hajjo: Kaka ta yi magana. A takardarmu zan rubuta "ɗan agajin sharhi", tunda tafsiri ne, na sama kuma "shugaban agaji". Na 'yan kasuwa a kawo wata. "Tacaccen shiri" bai zauna min ba tukuna, kamar an cire abin da malam bai so a ji ba.

Ɗan Borno: Gyararren shiri fa, Malama?